"Allah ya sa albarka" addu'a ce, ba alƙawarin ciniki ba: abin da masu shago 12 suka koya mana kafin a gina aplikasiyo



A ƴan shekarun nan da wuya wata ya wuce ban haɗu da wani matashi da ya karanci ilimin kwamfuta ba, yana ɗauke da dabarar wata aplikasiyo ta waya, wadda a labarai muke ce ma manhaja. Wannan ta farashin hatsi ce, wancan ta kiran kabu-kabu, wata kuma ta adashin mata. In ka tambaye su ko mutane za su yi aiki da ita, amsar ɗaya ce: duk wanda na gaya ma ya ce tana da kyau. Ni kuwa da aikina shi ne yi wa mutane tambaya a gaban makirfo, na san nauyin wannan amsa, kuma ba ta da nauyi. A ƙasarmu in yaro ya zo ma dattijo da abin da ya ƙirƙira, dattijon ba ya ce masa ba ni so. Cewa zai yi, "Madalla, Allah ya sa albarka." Kara ce da kunya irin tamu, kuma halin kirki ne. Sai dai wanda ya ɗauki wannan addu'a a matsayin alƙawari, ya rufe kansa cikin ɗaki wata 6 yana rubuta aplikasiyo, ranar da ya fito zai tarar da masu sa albarka suna nan, masu amfani kuwa babu.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Wani ɗan kasuwar fasaha mai suna Rob Fitzpatrick ya rubuta ƙaramin littafi a kanta a 2013, The Mom Test. Gundarin maganarsa shi ne ko mahaifiyarka za ta yaba dabararka don tana son ka, saboda haka ka bar tambayar mutane ra'ayinsu kan dabarar, ka tambaye su yadda suke rayuwa da abin da suka riga suka yi. In haka take a ƙasashen da ake faɗa wa mutum a'a ido da ido, to ina ga mu nan.

Bari in ba ku labarin yadda muka gwada wannan hanya da wani ƙanena, ɗan baffana, a nan Maraɗi.

Shi dabararsa ta kayen bashi ce. Kun san kowane mai shago a unguwa yana da kaye da bik a ƙarƙashin kanta, inda yake rubuta wanda ya ɗauki sukari, mai ko sabulu sai ƙarshen wata. Ƙanena yana son ya mayar da wannan kaye cikin waya: ka rubuta sunan mutum da abin da ya ɗauka, waya ta haɗa lissafi, ranar biya ta aika masa saƙon tuni. Ya yanke kuɗin wata jikka 1, wato sefa 1,000. Ya zo ne yana son in yi masa talla a rediyo in ya gama. Na ce masa, "Kafin talla, ba ni kwana 3 na lokacinka, mu zagaya shaguna." Ya ce, "Yaya, ai na tambayi mutane." Na ce su wa. Ya lissafo abokan karatunsa 4 da mijin yayarsa, kuma a cikinsu babu mai shago ko ɗaya.

Abu na farko da muka yi, tun ba mu fita ba, shi ne rubuta abin da dabarar ta dogara a kai. Kowace aplikasiyo tana tsaye ne kan wasu zato da mai ita ya ɗauka gaskiya ne ba tare da ya duba ba. Nasa guda 3 ne. Na ɗaya, masu shago suna asarar kuɗi saboda mantuwa ko kuskuren lissafi a kaye. Na biyu, wanda ke tsaye a shago yana da waya mai Android a hannunsa, kuma zai iya rubutu a cikinta ana tsaka da ciniki. Na uku, asarar ta kai girman da mutum zai biya jikka 1 duk wata don ya kauce mata. Muka kuma yi yarjejeniya a rubuce: za mu yi hira da mutum 12, in ba a samu aƙalla 4 da suka ba da labarin asara ta gaske a cikin wata 3 da suka wuce ba, dabarar a wannan siffa ta faɗi. Amfanin rubuta wannan tun farko shi ne zuciya tana da wayo. In ba ka sa iyaka ba, bayan hira za ka tuna murmushin mutane ka manta abin da suka faɗa.

Sai zaɓen mutanen. Mun cire dangi da abokai da duk wanda ke bin mu kunya. Mun raba 12 ɗin gida 3: masu ƙananan shagunan unguwa 6, mata masu sayar da atamfa da kayan ɗaki a kan bashi 3, da manyan ƴan kasuwa masu ba da kaya sari 3. Mun raba ne don kalmar "ɗan kasuwa" tana rufe mutane masu matsaloli dabam dabam. Mai sayar da ashana da magi da mai sauke tirelar shinkafa duk bashi suke bayarwa, amma ba ciwo ɗaya ke damun su ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da safe mai shago ba ya da kunnen da zai ba ka, da maraice kuma ciniki ya dawo. Tsakanin azahar da la'asar muke zuwa, lokacin da rana ta kori masu saye. Minti 10 zuwa 15 muke roƙo, kuma muna cika alƙawari. Akwai tarko biyu a bakin ƙofa. In ka shigo da takarda da bik kana tambayar kuɗi, wani zai ɗauka ma'aikacin haraji ne, sai ya ce maka shi ba ya ma ciniki. Wani kuma zai ɗauka furoje ne ya zo da tallafi, sai ya tara maka matsaloli har da waɗanda ba ya da su. Don haka bayan gaisuwa ƙanena yakan faɗi gaskiya a taƙaice: "Baba, ni ɗalibi ne na gama karatu, ina son in koyi yadda masu shago ke riƙe bashi. Ba na sayar da komai, ba na raba komai, ba na kuma son sunan kowa." Bai ambaci aplikasiyo ba sai a ƙarshen hira. Da zarar ka faɗi dabararka, hirar ta tashi daga kan rayuwar mutumin ta koma kan yadda zai faranta maka rai.

Tambayoyin 5 ne kawai, kuma duk suna kallon baya. Yaushe ne na ƙarshe da wani ya ɗauki kaya bashi a nan, kuma yaya kuka rubuta? Ko za ku nuna mana kayen, ko da kun rufe sunaye da hannu? Yaushe ne na ƙarshe da kuɗin bashi ya salwanta ko aka yi gardama a kansa, nawa ne, me ya faru? Me kuka yi don kar a sake? Sannan, wa ke tsayawa a shago in ba ku nan, kuma wace irin waya ce a hannunsa? Babu "da a ce", babu "za ku so", babu "nawa za ku iya biya". A rediyo mun san wannan sarai. Ka tambayi manomi yaya damina, zai ce alhamdu lillahi. Ka tambaye shi dami nawa ya ɗaure bara, nawa bana, sai labari ya fito. Mutum yana iya yi maka kara a kan gobe, don gobe ba ta da shaida. Jiya kuwa tana da rana, tana da adadi, tana da wanda aka yi da shi.

Ɗaya yana tambaya, ɗaya yana rubutu. Shi ke tambaya, ni ina rubuta kalmomin mutum yadda ya faɗe su, ba yadda muka fahimta ba. Na kuma roƙe shi abu ɗaya: in ya yi tambaya ya yi shiru, ya ƙirga biyar a zuci kafin ya sake magana. Maganar da ta fi amfani sau da yawa tana zuwa ne bayan an yi ɗan shiru, lokacin da mutum ya gama amsar ladabi ya shiga ta gaskiya.

Hirar da ta fara girgiza shi ita ce ta wani dattijo mai shago kusa da wani masallacin unguwa. Ya ciro kayensa, duk ya sha mai da ƙura, amma kowane gida yana da shafinsa. Da aka tambaye shi asara ta ƙarshe sai ya yi dogon tunani, ya ce bara wani ɗan haya ya tashi da dare da jikka 7 da rabi nasa. Ban da wannan fa? Ya ce babu. Ƙanena ya ce, "Baba, ba ku taɓa mance wanda kuke bi ba?" Dattijo ya yi dariya ya ce, "Yarona, mai bin bashi ba ya mantuwa, wanda aka bi shi ka mantuwa. Ni na san kowa da abin da nike bin shi. Abin da ad da wuya shi ne in buɗe baki in ce ma maƙwabcina ya biya, alhali tare muka sallah."

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko lissafi ne: jikka 1 duk wata jikka 12 ke nan a shekara, asarar da ya iya tunawa kuwa jikka 7 da rabi ce, kuma irin asarar da babu wayar da za ta hana, tunda mutumin guduwa ya yi. Maganin ya fi ciwon tsada. Na biyu, matsalarsa ta gaskiya kunyar tambaya ce. Ƙanena ya ga kamar ƙofa ta buɗe, tunda aplikasiyonsa tana aika saƙon tuni. Amma maimakon ya ce ga magani, sai ya bi ƙa'ida ya tambayi abin da ya taɓa faruwa: ko ya taɓa aika wa wani saƙo ko ɗan aike kan bashi? Dattijo ya ce sau ɗaya ya aiki yaro gidan wani, matar gidan ta ji, daga ranar suka koma saye a shagon gaba. Wato saƙon tuni, wanda ƙanena ke ganin shi ne adon aplikasiyon, a wurin wannan mutum hanyar korar mai saye ce.

Sauran masu ƙananan shaguna kusan haka suka faɗa. A shaguna 4 cikin 6, wanda ke wuni a kanta yaro ne, ɗa ko ƙanen mai shago, kuma ƙaramar waya mai maɓalli ce a hannunsa. Babbar wayar tana aljihun mai shago, shi kuma yana kasuwa ko gona. Mun kuma tsaya mun kalli yadda ake rubuta bashi: yaro ya miƙa sabulu, ya ja bik, ya yi rubutu, bai kai daƙiƙa 5 ba. Kaye ba ya son caji, ba ya son rezo, ba ya cin mega, in ya faɗi ƙasa ba ya fashewa. Duk mai son ya maye gurbinsa sai ya san da wa yake takara.

A kayen ne kuma muka ga wani abu da tambaya ba za ta taɓa fitar da shi ba. A gaban wani suna an rubuta 20, ƙanena ya ce wane kaya ne na sefa 20. Yaron shago ya dube shi da mamaki ya ce dala ashirin ce. Kun san mu a baki da dala muke lissafi, dala 1 sefa 5, dala 20 sefa 100, dala 200 jikka 1. Wasu suna rubuta adadin sefa kamar yadda aka koya a lakwal, wasu suna rubuta dala kamar yadda ake faɗa, a wani kayen ma duka biyun suna nan, gwargwadon wanda ya riƙe bik. Wani kuma da haruffan ajami yake rubuta sunaye. Aplikasiyon da aka gina ba tare da sanin wannan ba za ta riƙa ba da jimilla ta kuskure ninki 5, kuma ran da ta yi haka sau ɗaya an gama yarda da ita. Shi ya sa "nuna mini" ta fi "gaya mini".

Wajen mata masu atamfa labarin ya ɗan bambanta. Wata Hajiya tana ba da turmi a biya sau 3 ko 4, kuma tana da masu ɗauka da yawa. Ta ce ana gardama, har ta ba da labarin wadda aka yi watan da ya wuce kan biya ɗaya na jikka 5. Da aka tambaye ta me ta yi a kai, sai ta buɗe WhatsApp ta nuna mana: duk wadda ta kawo kuɗi, Hajiya tana yi mata saƙon murya nan take, ta faɗi abin da aka kawo da abin da ya rage. Ta ce, "Ɗana, ni ban yi lakwal ba, amma murya ba ta ƙarya. Wadda ta yi musu sai in kunna mata." Ita tana da matsalar, amma ta riga ta samo magani kyauta wanda ya dace da ita, ba ya bukatar karatu, kuma masu sayenta sun yarda da shi. Wanda zai raba ta da shi sai ya kawo abin da ya fi shi nesa ba kusa ba.

Sai manyan ƴan kasuwa. Wani Alhaji mai sarin shinkafa, mai da makaroni yana da rumbun ajiya da shaguna 2, yara 3 suna fitar da kaya, kowane da kayensa. Tambayar asara ta ƙarshe ba ta sa shi dogon tunani ba. Ya ce sati 2 da suka wuce an yi rigima kan buhun shinkafa 3, kusan jikka 40: mai shagon da ya ɗauka ya ce ya biya wajen yaro ɗaya, a kayen ɗayan kuma bashin yana nan. Ya faɗi wata rigimar ta watan da ya gabata ba tare da an tambaye shi ba. Muryarsa ma ta canza, ya gyara zama. Da aka ce me ya yi a kai, ya ce yana biyan wani ɗalibi jikka 10 duk wata ya zo ran Juma'a da yamma ya haɗa kaye 3 cikin babban littafi, amma kafin Juma'a ta zo an riga an yi ɓarnar. Ya ce ya taɓa sa a saka masa wata aplikasiyo ta lissafi, ya bar ta bayan kwana kaɗan saboda da Faransanci take kuma tana tambayar abubuwa da yawa kafin a rubuta buhu ɗaya.

Wannan ita ce alamar da ake nema. Mutum ya faɗi rana da adadi, ya riga ya kashe kuɗi yana neman magani, ya gwada wani abu ya bari, kuma ya san dalilin barinsa. Wanda bai taɓa motsawa don magance wata matsala ba, da wuya ya motsa saboda kai ka zo.

A ƙarshen kowace hira ne ƙanena ke faɗin dabararsa cikin jimla 2, sannan ya roƙi wani abu mai ɗan nauyi. Ba ya tambayar ko ta yi kyau. Yana cewa, ko za ku ba ni awa 1 ranar Asabar in zauna da yaronku mu gwada? Ko za ku haɗa ni da wani abokin kasuwancinku? Ko za ku ajiye jikka 1 na watan farko, in abin bai yi ba in mayar muku? Lokaci, suna da kuɗi, su ne abubuwa 3 da mutum ba ya bayarwa don kara kawai. Dukan mutum 12 sun sa albarka. Waɗanda suka ba da labarin asara cikin wata 3 da suka wuce su 3 ne: Hajiya da manyan ƴan kasuwa 2. Waɗanda suka yarda su ba da lokaci su 2 ne, duka masu sari. Alhajin nan ya kira wani abokinsa a waya muna zaune ya ce ga yaro nan zai zo. A masu ƙananan shaguna ba a samu ko ɗaya ba, amsar ita ce "in ka gama ka kawo mu gani", wadda duk Bahaushe ya san ma'anarta.

Uku bai kai 4 da muka rubuta ba. Da dare ƙanena ya so ya ja, ya ce ai saura ɗaya. Na nuna masa takardar da hannunsa ya rubuta. Aplikasiyon kayen bashi ta masu shagon unguwa a kan jikka 1 ta faɗi, kuma abin da ta ci shi ne kwana 3 da kuɗin man babur. Amma a cikin takardun akwai wata matsala dabam da bai fito nema ba: mai sari da yara da yawa ke fitar masa da kaya yana son ya ga lissafi ɗaya kowane dare.

Ko a nan bai fara rubuta aplikasiyo ba. Ya gwada aikin da hannu na sati 2. Ya buɗe rukuni a WhatsApp da Alhaji da yaransa 3. Duk wanda ya fitar da kaya bashi ko ya karɓi biya sai ya yi saƙon murya: sunan mai shago, kaya, adadi. Ƙanena yana saurare, yana zubawa a tebur na lissafi a kwamfutarsa, bayan isha'i ya aika wa Alhaji hoton jimilla. Shi ne aplikasiyon, da kunnensa da yatsunsa. Abin da yake aunawa ɗaya ne: yaran za su ci gaba da aikowa ba tare da an bi su ba? Kwana 4 na farko saƙo ya riƙa zuwa. Ranar da aka sauke kaya, ciniki ya yi yawa, babu wanda ya aiko komai sai dare, a dunƙule, daga ƙwaƙwalwa. A sati na biyu yaro ɗaya ya daina gaba ɗaya. Da aka bincika a hankali sai aka gane lissafin kowane dare yana hana shi wani ɗan juya kuɗi da yake yi kafin Juma'a. Ga darasin da hira da Alhaji kaɗai ba za ta bayar ba: wanda zai biya kuɗin aplikasiyo dabam, wanda zai danna ta dabam, kuma ba lalle bukatarsu ta zo ɗaya ba. In mai dannawa yana ganin abin zai tona shi ko ya ƙara masa aiki, zai ce babu rezo.

A ƙarshen sati 2 Alhaji ya biya jikka 5 ya ce a ci gaba, abokinsa kuma ya ce zai jira bayan salla. Mai biya ɗaya bai isa a ce an samu kasuwa ba, kuma ƙanena ya san haka. Yanzu yana neman masu sari 10 da zai yi wa tambayoyin nan, tare da yaransu a keɓe, kafin ya yanke shawara.

Kar kuma a ɗora wa wannan hanya abin da ba za ta iya ɗauka ba. Hira 12 ba ƙidaya ba ce. Ba za ka ce kashi kaza na ƴan kasuwar Nijar suna da matsala kaza ba don ka zagaya unguwa 3 a Maraɗi, kuma abin da ka ji a nan ba lalle ya zama haka a kasuwar Dole ta Damagaram ko wajen masu albasa a Galmi ba. Bashi kuma sirri ne, wani zai rage adadi, wani zai ɓoye rigimar da ta shafi ɗan uwansa. Ƙarfin gajeruwar hira yana wajen kashe zato marar tushe da wuri. In mutum 6 a jere sun kasa tuna ranar da matsalar ta same su, ka samu amsa. In kuwa sun tuna, abin da ka samu izini ne na gwaji na gaba, ba na gina komai da komai ba.

Ko manyan kamfanoni sai da gwaji suke gane abin da mutane ke so. M-Pesa ta ƙasar Kenya, da aka fara gwada ta a 2005, an tsara ta ne don masu ƙananan rance su riƙa biyan bashinsu ta waya. Masu gwajin suka lura mutane suna amfani da ita wajen aika wa juna kuɗi da biyan abokan ciniki. Da Safaricom ta ƙaddamar da ita a 2007, sai ta tallata ta a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Abin da mutane suka yi da hannunsu ne ya gyara tsarin, kuma an gani ne saboda an tsaya an kalla.

Saboda haka ƙannena masu dabara, kafin ku buɗe kwamfuta ku ɗauki kaye na dala 40. Ku rubuta zatonku guda 3 da adadin da in ba ku samu ba za ku haƙura. Ku je wajen mutanen da ba su san iyayenku ba, ku tambaye su ranar ƙarshe da abin ya faru, ku ce su nuna muku, ku yi shiru ku saurara. In an sa muku albarka ku amsa da amin, don addu'ar manya abin so ce, amma a shafin lissafi ku rubuta wanda ya ba ku awa ɗaya, wanda ya kira abokinsa, da wanda ya sa hannu a aljihu.

Iyaye da ƴan kasuwa kuma, in irin waɗannan yara sun zo muku da tambaya, ku taimake su da gaskiya. "Ɗana, ni ba zan yi aiki da wannan ba, ga dalili" ta fi musu amfani nesa, ko da ranar za su koma gida ba daɗi.